Ta Ce Sai Na Biya Kafin Ta Turo Kayan Lefen: Yaya Zan Gane Ko Shagon Na Gaskiya Ne?

"Assalamu alaikum. Yayana ya ba ni naira 600,000 in fara haɗa masa lefe. Na ga wani shafi a Instagram mai mabiya sama da dubu arba'in, mai shafin ta ce shagonta yana Kantin Kwari. Atamfa da leshi da shadda duk kusan rabin kuɗin da aka gaya mini a kasuwa nan Kaduna. Ta turo mini takardar CAC da rasit ɗin kwastomominta, amma ta ce sai na biya duka kafin ta saka kaya a mota, kuma gobe rangwamen zai ƙare. Kuɗin ba nawa ba ne, tsoro nake ji. Yaya zan yi?" Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Dosa.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki tura ko kwabo yau, kuma ki bar rangwamen ya ƙare idan zai ƙare. Na jima ina aiki a teburin karɓar ƙorafi na wani banki a nan Kaduna, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna a gabana suna share hawaye sun ga irin hujjojin da aka nuna miki kafin su tura kuɗi. Ba zan iya yanke wa wannan mata hukunci daga nan ba, tana iya zama 'yar kasuwa ta gaskiya. Abin da zan iya gaya miki shi ne duk abin da ta turo ba ya raba mai gaskiya da ɗan damfara, domin su biyun duka suna iya turo shi.

Mabiya sayensu ake yi, ko kuma a sayi tsohon shafi mai mabiyansa a sake masa suna. Rasit ɗin tiransifa hoto ne kawai, duk wanda ya iya taɓa waya zai sauya suna da adadi a jikinsa cikin ɗan lokaci. Saƙonnin "kaya sun iso, Allah ya saka da alheri Hajiya" mutum ɗaya mai waya biyu zai iya rubuta wa kansa ɗari a dare guda. Hotunan atamfa kuwa a shafin wata mai shago ta gaskiya ake kwashe su. Har tallar da wani sananne ya yi wa shafi ba shaida ba ce, galibi kuɗin talla aka biya shi, bai taɓa taka ƙofar shagon ba.

Takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta fi sauran ruɗar mutane saboda tambarin gwamnati da ke jikinta. Za ki iya shiga shafin hukumar na intanet, wurin binciken sunayen kamfanoni, ki saka sunan ko lambar da ke kan takardar, wadda ke farawa da RC idan kamfani ne ko BN idan sunan kasuwanci ne. Idan ba ki samu komai ba, magana ta ƙare. Idan kuma kin samu, abin da kika tabbatar kawai shi ne akwai kasuwanci mai wannan suna. Ba ki tabbatar cewa wadda kike hira da ita ce mai shi ba, tunda 'yan kasuwa da yawa suna liƙa hoton takardarsu a shafinsu, kowa na iya saukewa ya ce tasa ce.

Saboda haka ki bar auna abin da ta zaɓa ta nuna miki. Ki nemi abin da ba a shirya shi tun jiya, wato kaya a hannunta a wannan lokaci, da suna a asusun banki, da wani naki da zai tsaya a ƙofar shagon.

Abin da za ki duba daga wayarki

Fara da shafin kansa. A Instagram, ki danna ɗigo ukun da ke saman shafinta ki zaɓi "About this account". Zai nuna miki watan da aka buɗe shafin, da ƙasar da yake, da ko an taɓa sauya masa suna. A Facebook wurin ana kiransa "Page transparency". Wadda ta ce ta shekara goma tana sayar da atamfa amma shafinta wata uku ke nan da buɗewa, ko an sauya masa suna sau da yawa, tana da bayanin da za ta yi miki. Daga nan ki gangara can ƙasa zuwa hotunan farko. Shafin gaskiya yana da tarihi, za ki ga kayan sallar bara da na bara waccan, za ki ga hoto mara kyau da aka ɗauka da tsohuwar waya, wani lokaci har da kwastoma tana faɗa a kan an makara da kayanta. Shafin da aka zuba masa hotuna ɗari biyu cikin mako biyu, kowanne da irin daɓensa da irin labulensa daban, kayan shaguna da yawa aka tattaro. Ki lura kuma da wurin sharhi. Idan an kulle shi, ko mabiya dubu arba'in amma mutum biyar ne ke magana, alama ce.

Sai ki rubuta sunan shagon a wurin bincike ki ga shafi nawa ne ke da shi. Wannan ita ce dabarar da na fi gani a harkar kayan mata. Ana ɗaukar sunan mai shago ta gaskiya a ƙara ɗigo ɗaya ko lamba a ƙarshe, a kwashe hotunanta har da hoton fuskar shafin. Sai a zauna ana gadin wurin sharhinta. Da zarar kin rubuta "nawa ne wannan?", sai saƙo ya shigo miki daga shafin bogin, "Salam Hajiya, kin yi tambaya a kan leshi". Ke kuma kin ga suna da hoto iri ɗaya, ba ki kawo komai a ranki ba. Don haka ki tambayi kanki, ke kika fara yi mata magana daga shafin da kika gani, ko ita ta biyo ki?

Ki ɗauki hoto biyu ko uku daga cikin kayanta ki saka su a Google Lens. Idan hoton ya fito a shafin wata mai shago a Legas ko Dubai tun bara, kin san inda aka samo shi. Sai dai wannan gwaji ba ya kama kowa, kuma yana iya kama mai gaskiya, domin ƙananan dillalai da yawa hoton babban dila suke amfani da shi. Idan ya kama ta, abin da kika sani shi ne kayan ba lallai suna hannunta ba, kuma wannan kaɗai ya isa ki ƙi biyan kuɗi duka.

Batun farashi kuwa ba sai na tsawaita ba. Kantin Kwari ya fi Kaduna sauƙin kaya, shi ya sa 'yan kasuwarmu ke saro daga can, amma bambancin sari da sayen ɗaiɗai bai kai rabi a kan atamfa iri ɗaya ba. Ko dai jabu ce za a turo miki da sunan babba, ko kuma babu kayan gaba ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi ma "gobe zai ƙare" da "saura guda biyu" an yi su ne don kada ki sami sararin yin shawara da kowa.

Sunan da ke kan asusu

A nan na fi son ki tsaya. Ki ce ta turo lambar asusu, ki saka lambobi goman a manhajar bankinki, ki jira suna ya fito, ki tsaya nan ba tare da kin saka lambar sirri ba. Wannan ba ya cin ko sisi. Sai ki jera suna uku ki kalla: sunan da ta gaya miki, sunan da ke kan takardar CAC, da sunan da banki ya nuna. Mai gaskiya yawanci ukun nan suna haɗuwa, ko sunan shagon ya fito, ko sunanta da ke cikin masu kasuwancin. Idan Hajiya ce ke magana amma sunan wani namiji daban ya fito, amsar da ake bayarwa kusan kullum ɗaya ce: asusun mijina ne, ko na yaron shago ne, nawa ya cika. Wani lokaci gaskiya ne. Amma naira 600,000 ba kuɗin da za a tura a kan "wani lokaci" ba ne. Ki ce za ki jira har nata ya gyaru.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. A OPay, lambar asusu yawanci ita ce lambar waya idan an cire sifilin farko. Idan irin wannan asusu ta ba ki, ki mayar da sifilin ki ga ko ita ce lambar da kuke WhatsApp da ita. Ki saka lambar a Truecaller ki ga sunan da mutane suka ajiye ta da shi, ki kuma rubuta lambar asusun da lambar wayar a Google da Facebook, domin wanda aka cuta yakan wallafa su. Kada ki fahimce ni a baibai, yin amfani da OPay ko PalmPay ko Moniepoint ba laifi ba ne, 'yan kasuwa da yawa a Kasuwar Barci da su suke karɓar kuɗi. Abin dubawa shi ne ko mai asusun ita ce mai maganar.

Ki kuma kula idan lambar asusu tana sauyawa. Yau ta ba ki ɗaya, gobe ta ce wancan ya samu matsala ga wani. Sau da yawa ma'anarsa an kai ƙarar na farkon an rufe shi.

Kada ki dogara da cewa ai kowane asusu yana da BVN ko NIN, don haka za a kama mutum. Gaskiya ne tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa har ƙananan asusu da ɗaya daga cikinsu. Amma ɗan damfara ba ya amfani da nasa. Yakan sami wani yaro ko wata tsohuwa a ba su 'yan kuɗi su buɗe asusu su miƙa katin da layin. Ko kuma ya ba ki asusun mai POS, ya je ya tsaya a gaban rumfarsa ya ce 'yar'uwata za ta turo kuɗi, ana ganin alat a ƙirga masa tsabar kuɗi ya bace. Idan bincike ya zo, mai POS ɗin ake samu, shi kuma bai san komai ba sai fuskar wani mai hula.

Yadda abin ke tafiya idan an fara biya

Bari in ba ki labarin wata mata da ta zo wurina, don ki ga matakan. Ta ga shadda da leshi na naira 320,000 a wani shafi, ta yi taka-tsantsan irin nata, ta ce za ta fara gwadawa da ƙarami. Ta sayi mayafi biyu na naira 15,000, kuma suka iso tashar Kawo lafiya lau bayan kwana biyu. Wannan ya kwantar mata da hankali, ta tura 320,000 ɗin. Washegari aka turo mata hoton ƙullin kaya da sunanta a rubuce da maka, da lambar direba. Direban ya kira ya ce kuɗin mota naira 8,000 ba a biya ba, ta tura. Da yamma ya sake kira, wai jami'ai sun tare motar bayan Zariya, kayanta na waje ne, sai an ba da 45,000 kafin a sake su, amma Hajiya mai kaya ta ce za ta mayar mata. Ta kira Hajiya, Hajiya ta tabbatar, har da rantsuwa da ban haƙuri. Ta tura. Sai da aka nemi wani kuɗin na uku ta ce a dawo mata da kuɗinta kawai, nan take aka toshe ta a ko'ina.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, ƙaramin ciniki da ya yi nasara ba ya wanke mai sayarwa. Mayafin 15,000 jari ne wurin wanda ke hangen 320,000. Na biyu, direban da mai sayarwa ta ba ki lambarsa ba shaida ba ne, yana iya zama mutumin da ke zaune kusa da ita. Duk kuɗin da ya ɓullo bayan kin biya, ko an kira shi kuɗin kwastam, ko inshora, ko "za a mayar miki", ki ɗauka shi ne alamar da ta fi kowace ƙarfi. A nan ake tsayawa, ko da an riga an tura na farko. Abin da ke sa mutane ci gaba shi ne ganin kamar in sun tsaya na baya ya tafi, alhali ya riga ya tafi tun da fari.

Abin da zan yi in ni ce ke

Dole in yi wa masu sayarwa adalci. Da yawa daga cikin masu gaskiya ma suna cewa sai an biya, domin su ma an sha sa su tura kaya a ƙi karɓa, ko a turo musu alat na bogi. Don haka neman kuɗi kafin kaya shi kaɗai ba ya nuna damfara. Abin da ke bambanta su shi ne yadda take karɓar buƙatar a tabbatar da ita.

Ki kira ta ta bidiyo ba tare da kin sanar da ita ba, a lokacin da kasuwa ke ci, kamar ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar. Ki ce ta ɗauko atamfar da kika zaɓa ta buɗe gefenta ki ga rubutun da ke bakin zanen, ta rubuta sunanki da kwanan wata a takarda ta ɗora a kai, sannan ta fita ƙofa ta nuna miki layin da allon shagon. Mai shago za ta yi wannan cikin minti biyu, in tana da kwastoma ta ce ki sake kira. Wadda kullum kyamararta ta lalace, ko babu sabis, ko "mijina ba ya bari in yi bidiyo", ki ce ai ba fuskarta kike so ba, kayan za ta haska. In ta ƙi wannan ma, kin samu amsa. Bidiyon da aka turo miki ba ya maye gurbin kira, domin shi ma sato shi ake yi.

Kiran bidiyo ma yana da iyaka. Mutum na iya shiga shagon wani a matsayin mai saye, ya kira ki daga ciki yana ɗaga kaya kamar nasa. Shi ya sa matakin da ya fi duka shi ne mutum naki. Ki tambaye ta sunan gidan da shagon yake a Kwari, da layi, da lambar shago, domin kasuwar gida-gida ce kuma kowane ɗan kasuwa ya san adireshinsa. Sai ki tura wani, ɗan'uwa da ke Kano, ko ƙawa, ko wani mai atamfa da kika saba da shi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke zuwa sari. Ya je ba tare da an san ranar ba, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi mai shagon ko wannan shafi da wannan lambar asusu nasa ne. Ya duba kayan ya riƙe su, ke kuma ki tura kuɗi a lokacin zuwa asusun da mai shagon ya faɗa da bakinsa. Shi zai kai tasha da kansa ya ba direba.

Ga kuɗi irin naki, ni da kaina zan je. Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Kawo, ki fita da sassafe ki dawo a ranar, kuɗin motar kuma bai kai ko kusa da abin da kike shirin sakawa a haɗari ba. Ƙari a kan haka lefe kaya ne da ake taɓawa, dangin amarya za su buɗe akwati su murza zane, kuma hoto ba ya nuna nauyin shadda.

Idan ta ce ba ta da shago, daga gida take sayarwa, hakan ma ba aibu ba ne, mata da yawa haka suke sana'arsu. Sai dai ai shago a Kwari ta ce miki da farko, sauya magana kuwa abin lura ne. Ga irin wannan, ki ba da kuɗin mota kaɗai, adadin da in ya tafi ba zai hana ki barci ba, sauran kuma sai kin ga kaya a tasha kin buɗe. Ko ki nemi wadda ke da ita kuka sani ta tsaya a tsakani, ta riƙe kuɗin har kaya su iso. Kada ki yarda da "wakili" ko shafin riƙon amana da ita ta kawo miki. Kuma in wata ƙawa ce ta tallata miki ita a gurup ɗin WhatsApp, ki kira ƙawar ki ji muryarta, domin ana sace WhatsApp ɗin mutane ta hanyar karɓar lambobi shida da ake turo musu, sannan a yi ta talla da sunansu.

Idan wata mai karatu ta riga ta tura

Ta kira bankinta nan take, ba gobe ba, ta ce damfara ce, ta ba da lambar asusun da aka tura wa, da lokaci, da adadi, da Session ID mai lamba 30 da ke jikin rasit ɗin. Da shi ne bankinta zai tuntuɓi ɗaya bankin ya nemi a dakatar da fitar kuɗi daga asusun. Ta ɗauki hoton hirar duka da shafin kafin a toshe ta, ta karɓi lambar ƙorafi, ta kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Idan banki bai yi komai ba bayan mako biyu, tana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki.

Ba zan ɓoye miki ba, tiransifar da mutum ya yi da hannunsa da lambar sirrinsa banki ba ya iya juyo ta haka kawai. Ko an riƙe kuɗin, sau da yawa sai da umarnin kotu ake mayarwa, kuma galibi kafin a kai ga riƙewa an riga an rarraba su zuwa wasu asusu ko an cire a POS. Ta kuma yi hattara da masu biyo baya suna cewa za su ƙwato mata kuɗinta in ta biya wani abu, ko su nemi lambar da banki ya turo wa wayarta, domin su ma 'yan gida ɗaya ne.

Ke dai yanzu ki rubuta mata cewa ɗan'uwanki zai zo shago ya duba kayan ya biya a can, ki nemi sunan gida da lambar shago. Ki kuma gaya wa yayanki halin da ake ciki tun yau, tunda kuɗinsa ne, ku yanke shawarar wanda zai je Kano tare.